Jagora: Abin da ke sa taga ta kumbura ko ta yi tsalle tsakanin laftof da babban allo, da yadda ake gyarawa

Laftof ɗin da ake kawowa Maraɗi yanzu, ko daga Kano ta hanyar Jibiya ko kwance daga Turai, yawancinsu ƙananan allo ne masu kaifin rubutu. Mai shagon buga takardu ko ɗalibin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo sai ya sayi babban allo ya haɗa da wayar HDMI domin idonsa ya huta. Daga nan ne ƙorafi ke farawa. Ya kama tagar manhaja da linzami zai kai ta babban allo, tana tsakiyar hanya sai ta kumbura, can kuma ta tsuke. Wata ta zille daga ƙarƙashin kibiya, wata ta tsaya a kan iyaka tana rawa, wata kuma ta isa lafiya amma rubutunta ya koma dishi-dishi.

Abin da ke min ciwo shi ne kuɗin da ake kashewa a banza. An sha goge kwamfuta kaf a sake zuba Windows, an sha canza waya, har allo ana mayar wa mai shago ana cewa ya lalace. Alhali ba abin da ya lalace. Alluna biyun ne ke aiki da ma'auni daban-daban, kuma in ka fahimci lissafin, kai da kanka za ka iya daidaita shi. Wannan jagorar a kan Windows 10 da Windows 11 take, don su ne a hannun kusan kowa a nan.

Lissafin da ke ƙarƙashin matsalar

Kowane allo tarin ƙananan ɗigo ne masu haske. Mu ɗauki haɗin da na fi gani a kan tebur: laftof mai inci 14 da babban allo mai inci 24, dukansu 1920 × 1080. Yawan ɗigonsu ɗaya ne, amma filin da aka zuba su ba ɗaya ba ne. A laftof, kusan ɗigo 157 ne a cikin kowane inci, wato kamar 62 a santimita guda. A babban allon kusan 92 ne a inci, wato kamar 36 a santimita. Ɗigon laftof ƙanana ne a cunkushe, na babban allo manya ne a sake.

Da Windows za ta zana rubutu da adadin ɗigo iri ɗaya a duka biyun, na laftof zai fito mitsi-mitsi, sai ka matso da fuska kafin ka karanta. Shi ya sa take ba kowane allo nasa ma'aunin. Babban allon yakan samu 100%, laftof ɗin 150%. Ma'anar 150% ita ce duk abin da zai ci ɗigo 100 a ma'aunin asali, a nan ɗigo 150 zai ci.

Yanzu ka ɗauki taga mai faɗin 800 a ma'aunin asali. A laftof ɗigo 1200 take ci, in ka sa abin awo a kan gilashin za ka samu kusan santimita 19. A babban allo ɗigo 800 take ci, kusan santimita 22. Ka ga in kowace ta zauna a allonta, girmansu bai yi nisa da juna ba, kuma abin da ma'aunin ke nema ke nan.

Rikicin yana kan iyaka. Taga ɗaya ba ta iya ɗaukar ma'auni biyu a lokaci guda, ko da rabinta na nan rabinta na can. Windows tana duba allon da ke riƙe da mafi yawan jikin tagar, ta ce ta wannan allon ce. To, kana jan tagar daga laftof, ɓangaren da ya fara shiga babban allo har yanzu da ma'aunin 150% aka zana shi, amma a kan manyan ɗigo. Faɗin ɗigo 1200 a babban allo kusan santimita 33 ne. Kumburin da kake gani ke nan. Da fiye da rabin tagar ya haye, sai Windows ta aika wa manhajar saƙo mai suna `WM_DPICHANGED`, tare da shawarar sabon girma da sabon wurin zama. Manhajar ta sake zana kanta a ɗigo 800, tagar ta faɗo daga 33 zuwa 22 cikin ƙiftawar ido. In ka komo da ita laftof, akasin haka za ka gani: ta shigo ƴar ƙarama kamar santimita 13, sannan ta buɗe zuwa 19.

Wannan sauyi guda ɗaya, mai tsabta, a tsakiyar hanya, ba cuta ba ce. Haka aka tsara abin tun Windows 8.1 a 2013, lokacin da aka fara barin kowane allo da nasa ma'aunin. Abin da ya kamata a yi magani shi ne rawa, da zillewa, da dishi-dishi, da maɓallan da ke hawa kan juna.

Me ke sa wata tagar rawa a kan iyaka

A nan ya kamata a tsaya a fahimta sosai, domin shi ne ya fi tsorata mutane. Babban allo yana hannun dama. Ka ja tagar nan mai ɗigo 1200 har 610 suka haye, 590 suka rage a laftof. Babban allo ya yi rinjaye, an ce ta koma 800. Manhajar da aka rubuta da kyau za ta karɓi wurin da Windows ta ba ta shawara. Amma wata sai ta yi nata lissafin, ta kafe kusurwarta ta hagu inda take, ta tsuke daga dama. Yanzu 590 suna laftof, 210 kaɗai suka rage a babban allo. Rinjaye ya koma laftof, an ce ta koma 1200. Tana buɗewa, 610 suka sake hayewa, rinjaye ya sake komawa babban allo. Haka za ta yi ta kai da komo har sai ka ja ta ta wuce wannan yankin.

Ka ga ke nan rawar ba daga waya take ba, ba kuma daga linzami ba. Daga yadda aka rubuta wannan manhajar ce, shi ya sa za ka ga Chrome ko Edge sun haye lafiya, wata tsohuwar manhaja kuma a kan kwamfuta ɗaya tana shure-shure.

Mataki na ɗaya: duba abin da kowane allo yake kai

Danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta wannan, ka danna Enter. Ko kwamfutarka da Faransanci take ko da Ingilishi, zai kai ka wuri ɗaya:

```
ms-settings:display
```

Za ka ga akwatuna biyu masu lamba 1 da 2. Danna Identify, ko Identifier a na Faransanci, lambar kowane allo za ta fito a kansa. In akwati ɗaya ka gani mai lambobi biyu a haɗe, allunan suna kwaikwayon juna ne. Danna Windows da P ka zaɓi Extend, wato Étendre.

Zaɓi akwati na 1, ka gangara wurin Scale, wanda Faransanci ke kira Mise à l'échelle, ka rubuta kason da ke wurin da kuma lambobin yawan ɗigo da ke ƙasansa. Ka yi haka ga akwati na 2. Kada ka taɓa komai tukuna.

Fara tabbatar da cewa yawan ɗigon kowane allo shi ne nasa na asali, wanda aka rubuta Recommended ko recommandé a gefensa. Mutane da yawa a nan suna haɗa tsohon allo da wayar VGA ta cikin ɗan abin juya HDMI mai araha, kuma wani lokaci allon ba ya iya gaya wa laftof ko shi wane ne ta wannan hanyar. Sai ka tarar allon 1920 × 1080 yana tsaye a 1024 × 768, komai ya baje ya yi faɗi. In haka ka gani, wannan ce matsalarka ta farko, kuma a nan kam canza waya ko abin juyawar yana da amfani. In lambobin daidai suke amma kason ya bambanta, ci gaba.

Mataki na biyu: gane irin manhajar da ke ba ka wahala

Manhajoji kashi uku ne a wannan sha'ani, kuma maganin kowane daban. Danna Ctrl da Shift da Esc, ka shiga Details. Danna maɓallin dama a kan kawunan ginshiƙan, ka zaɓi Select columns, ka sa alama a kan DPI Awareness. A na Faransanci ka nemi layin da ke ɗauke da DPI ko PPP. Ginshiƙin ya shigo ne da Windows 10 ta 2019, sigar 1903, saboda haka wadda ta girme ta ba ta da shi.

In ka ga Per-Monitor ko Per-Monitor (v2) a gaban sunan manhajar, ita ke sake zana kanta a kowane allo. Rubutunta zai fito ras a duka biyun, kuma ita ce mai yin sauyin nan a tsakiyar hanya. In an rubuta ta da gaggawa, ita ce kuma mai rawa.

In ka ga System, manhajar tana tambayar ma'auni sau ɗaya tak, na allon da aka naɗa shugaban alluna, wato main display, ta zana kanta da shi, ba ta sake tambaya. Da ka kai ta ɗaya allon, Windows sai ta ɗauki hotonta ta miƙe shi ko ta matse shi. Kamar hoton fasfo ne da aka kai a faɗaɗa a injin kwafi: girman ya samu, kaifin ya tafi. Irin wannan tana da kyau a allo ɗaya, dishi-dishi a ɗayan.

In Unaware ne, ba ta ma san da zancen ma'auni ba, kullum a 100% take zana kanta. A babban allonka mai 100% za ta fito tas, a laftof kuma Windows ta miƙe ta ninki ɗaya da rabi, ta yi hazo.

Mataki na uku: naɗa allon da ka fi aiki a kansa

Wannan shi ne gyaran da ya fi arha, kuma shi aka fi mantawa. Kwanaki wani matashi mai shagon kayan masarufi kusa da Babbar Kasuwa ya kawo min irin haɗin da na kwatanta. Tsohuwar manhajar lissafin kaya yake amfani da ita, ya ce: "Malam, a ƙaramin allo lafiya lau take, amma in na kai ta babban don Alhaji ya duba, lambobin sai su yi kamar an shafa musu mai." Na ce masa, "Ƙanena, a wanne allon kake yini da ita?" Ya ce babban. Muka duba ginshiƙin, System ce. Laftof ɗin ne aka naɗa shugaban alluna, don haka tana zana kanta a 150%, Windows kuma tana matse hoton zuwa kashi biyu bisa uku a babban allo. Lamba 3 da 8 har sun fara kama da juna a jerin farashi, wanda a harkar kuɗi ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da muka yi: a shafin nan na alluna, muka zaɓi akwatin babban allo, muka sa alama a Make this my main display, wanda a Faransanci yake Faire de cet écran l'écran principal. Sannan muka rufe manhajar gaba ɗaya muka sake buɗe ta. Lambobin suka fito ras. Wata manhajar rufewa ba ta isar ta, sai ka fita daga asusunka na Windows ka sake shiga. Ka sani dai hazon bai ɓace ba, wuri ya canza: in ya mayar da ita laftof alhali babban allon yana haɗe, can ne za ta yi dishi-dishi. Shi ya sa tambayar farko ita ce inda kake yini da ita.

Akwai ɗabi'a guda da ke biyo bayan wannan. Da safe ka haɗa allon kafin ka buɗe irin waɗannan manhajojin. Wadda ka buɗe a gida a kan laftof kaɗai, ka rufe murfi ka zo shago ka haɗa waya, tana nan riƙe da 150% ɗinta.

Mataki na huɗu: rage tazarar da ke tsakanin ma'aunan

Girman tsallen daidai yake da tazarar kason. Daga 150% zuwa 100%, taga tana asarar kashi ɗaya bisa uku na ɗigonta. In ka sauke laftof zuwa 125%, tagar nan ɗigo 1000 za ta ci maimakon 1200, asarar ta koma ɗaya bisa biyar, yankin rawar ma ya ƙuntata. Kuɗin da za ka biya shi ne rubutun laftof zai ɗan ƙanƙance, tagar ta koma kamar santimita 16. A ganina, ga mai lafiyar ido wanda yawancin aikinsa a babban allo yake, wannan ne zaɓin da ya fi dacewa. In kuma ka kai babban allon 125% shi ma, kason ya zama ɗaya, sauyin tsakiyar hanya ya ƙare gaba ɗaya. Sai dai babban allon zai ɗauki abu kaɗan, layukan Excel da kake gani a lokaci guda su ragu.

Akwai wata dabara ta daidaita su a 100%: ka sauke yawan ɗigon laftof zuwa 1280 × 720. Filin aiki daidai yake da na 1920 × 1080 a 150%, domin 1920 in ka raba da 1.5 zai ba ka 1280. Taga ba za ta ƙara tsalle ba, amma duk allon laftof zai yi laushi, kaifin da ka biya kuɗi dominsa ya tafi. Ina ba da shawararta ne kawai ga wanda tsohuwar manhaja ce abincinsa kuma duk sauran hanyoyin sun ƙi.

Ka guji Custom scaling, inda ake rubuta kaso da hannu. Lamba ɗaya yake ɗora wa duka allunan, ya kulle zaɓin kowane allo, kuma sai ka fita daga asusu kafin ya kama ko ya saki. In ka tarar kason ya yi toka-toka ba ya dannuwa, mai yiwuwa wani ya taɓa kunna shi, sai ka kashe.

Mataki na biyar: manhaja guda mai taurin kai

In komai ya zauna sai manhaja ɗaya ce ke rawa ko maɓallanta ke hawa kan juna, kada ka hukunta duk kwamfutar saboda ita. Rufe ta, ka danna maɓallin dama a kan alamarta, ka bi Properties, Compatibility, Change high DPI settings. A Faransanci: Propriétés, Compatibilité, Modifier les paramètres PPP élevés. A ƙasan akwatin da zai fito akwai wurin sa alama mai farawa da Override high DPI scaling behavior, da zaɓi uku.

System yana ƙwace aikin daga hannun manhajar ya ba Windows. Manhajar ta daina jin saƙon sauyi, don haka ba ta da abin da za ta ɓata. Tsarinta zai tsaya cak, amma za ta yi hazo a laftof. Wannan ne maganin mai rawa. System (Enhanced) haka yake, sai dai yana ƙoƙarin kaifafa rubutu, kuma a tsofaffin manhajoji masu sauƙin zane yakan yi kyau ƙwarai, a wasu kuma ya yanke haruffa. Application akasinsu ne: Windows ta janye hannu, ba miƙewa ba matsewa. Rubutu zai yi kaifi, amma in manhajar ba ta iya daidaita kanta ba, za ta zama mitsitsiya a laftof ko ƙatuwa a babban allo. Gwada ɗaya bayan ɗaya, kana rufe manhajar kana buɗewa tsakanin kowane gwaji, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi aiki ba.

Word da Excel na baya-bayan nan suna da nasu maɓallin a ciki. Shiga File, Options, General, za ka ga When using multiple displays. In ƙananan akwatunansu ko wani abin da aka ƙara musu suna fitowa a karkace, zaɓi Optimize for compatibility ka sake buɗewa.

Yadda ake jan tagar kanta

Hannu ma yana da nasa rabon. Kama tagar daga tsakiyar goshinta, ba daga gefe ba. In a tsakiya ka riƙe, lokacin da kibiya ta haye iyaka shi ne lokacin da rabin tagar ya haye, kuma taga mai bin shawarar Windows tana tsukewa ne zuwa inda kibiya take, don haka rinjaye ba ya komawa baya. Ka ja ta kai tsaye ba tare da tsayawa a kan iyaka ba. Kada kuma ka ajiye taga rabi nan rabi can kana aiki, ɓangare ɗaya dole ya fito ba daidai ba.

Hanyar da ta fi duka ita ce ka bar linzamin. Danna Windows da Shift da kibiyar dama ko ta hagu, tagar za ta koma ɗaya allon a tashi guda ba tare da ta bi ta kan iyaka ba.

In kibiyar ce ke tsalle sama ko ƙasa wajen hayewa, ko tana maƙalewa a kusurwa, koma shafin alluna ka ja akwatunan su yi daidai da yadda suke zaune a teburinka, ka danna Apply. Windows da yawan ɗigo take auna akwatunan, ba da santimita ba, shi ya sa za ka gan su girma ɗaya alhali tsayin gilashin laftof kusan santimita 17 ne, na babban allon kusan 30. Ɗan tsallen ba zai ɓace duka ba, amma ɗora laftof a kan wani abu har tsakiyarsa ta yi daidai da tsakiyar babban allo yana rage shi sosai.

Tsallen da ba na ma'auni ba ne

Wuta ta ɗauke, babban allo ya mutu, laftof ya ci gaba da batir. A haɗi da yawa Windows tana ɗaukar haka a matsayin an cire allon, sai ta kwaso tagogin duka ta zuba a laftof, kowace ta sauya girma. Waya mai sako-sako ma haka take yi, kuma alamarta ita ce ƙarar nan ta cirewa da haɗawa, da allon da ke yin baƙi na ɗan lokaci ba tare da ka ja komai ba. A Windows 11, ƙarƙashin Multiple displays, sa alama a Remember window locations based on monitor connection, tagogin za su koma mazauninsu idan wuta ta dawo. Windows 10 ba ta da wannan zaɓin. Manhajar System da ka buɗe ana cikin duhu kuwa, ka rufe ta ka sake buɗewa bayan allon ya dawo.

Wanda bai sayi allo ba tukuna, ya duba cunkoson ɗigo kafin girman gilashi. Laftof mai inci 15.6 da 1366 × 768 yana da kusan ɗigo 100 a inci, a 100% yake zama, don haka allon inci 24 na 1920 × 1080 zai dace da shi ba wani tsalle. Mai inci 15.6 da 1920 × 1080 yana da kusan 141, yawanci 125% ake ba shi, kuma allon inci 27 na 2560 × 1440 mai kusan 109 yana zama lafiya a 125% ɗin. Mai inci 14 da muka yi lissafi da shi kuwa, abokinsa na gaskiya shi ne allon inci 27 na 3840 × 2160, mai kusan ɗigo 163 a inci, wanda shi ma 150% ke yi masa daidai. Kafin ka biya kuɗinsa, ka je da laftof ɗinka da wayarka ka haɗa a shagon, domin tsohuwar kafar HDMI ta 1.4 hoto 30 kaɗai take iya turawa a daƙiƙa a wannan girman, kuma za ka ji nauyin haka a hannunka da ka motsa linzami.